Idan An Dawo da Kaya: Yadda Kanti Zai Rubuta Ƙa'idar Karɓar Ƙorafi

A kantunan atamfa da shadda, daga Kantin Kwari a Kano har zuwa ƙananan shagunan unguwa, mai saye da ya dawo da kaya yakan ci karo da ɗaya daga cikin amsoshi uku. Ko a nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit cewa ba a karɓar kayan da aka riga aka saya, ko a ce masa anya kuwa a nan ya saya, ko kuma a ce ya dawo sai maigida ya zo. Amsa ta uku ta fi yawa, kuma ta fi ɓata rai, domin mutum ya biya kuɗin mota ya zo, zai koma bai san matsayinsa ba.

Galibi yaron kanti da ke ba da wannan amsa ba mugunta ce ta sa shi ba. Lissafi yake yi. Idan ya canza wa Hajiya turmi, maigida ya dawo bai ji daɗi ba, ana iya cire kuɗin daga ɗan abin da ake sallamarsa da shi. Idan kuwa ya ƙi, babu abin da zai same shi, Hajiya ce kawai za ta tafi da fushi, kuma ba za a taɓa rubuta tafiyarta a littafin ciniki ba. Muddin ba a rubuta masa iyakar abin da zai iya yankewa da kansa ba, ƙi shi ne hanyar tsirarsa. Aikin rubutacciyar ƙa'ida ke nan: ta faɗi wane ne ke da ikon yanke wane hukunci, har zuwa nawa, cikin kwana nawa, kuma a ina za a rubuta abin da aka yi.

Ba daga kwafin takardar wani babban kanti ake farawa ba. Ana farawa ne daga ƙorafe-ƙorafen da kantin kansa yake samu. Mai kanti ya sayi littafi mai kauri ya ajiye kusa da littafin rasit, ya ce wa yaransa har tsawon wata guda su rubuta duk wanda ya dawo da magana, ko an biya masa buƙata ko ba a biya ba, kuma ya yi musu alkawarin babu wanda za a hukunta a kan abin da ya rubuta. Wannan alkawarin shi ne ginshiƙin aikin, domin idan yara suka ji tsoro, littafin zai ƙare wata fari fat, maigida ya ɗauka kowa na jin daɗin kantinsa.

Idan aka zauna da littafin a ƙarshen wata, za a ga abin da ake kira ƙorafi ba iri ɗaya ba ne. Akwai aibin da ke jikin kaya tun daga kamfani: atamfa mai zuba, shadda mai layin saƙa da ya tsallake, leshi mai huji a cikin ninki. Akwai kuskuren kanti, kamar a yanka yadi huɗu da rabi a maimakon biyar, ko a ɗaure wa mutum kalar da ba ita ya zaɓa ba, ko a caje shi sau biyu a na'urar POS. Akwai kuma canjin ra'ayi, inda kaya lafiyarsu ƙalau amma uwargida ta ce kalar ba ta yi mata ba. Sai na ƙarshe, wanda babu kaya a cikinsa sam: an yi wa mutum magana da gatsali, ko an bar shi tsaye ana hira a waya. Raba su shi ne rabin aikin, domin biyun farko haƙƙi ne da kanti ba shi da ikon hanawa, na uku alfarma ce da kanti zai iya sa wa sharaɗi, na huɗu kuwa ba kuɗi yake nema ba, haƙuri yake nema daga wanda ya isa. Kantin da ya cakuɗa su yakan yi ɓarna biyu a lokaci guda: ya hana mai haƙƙi haƙƙinsa, ya kuma yi wa mai baki da yawa alfarmar da ba a yi wa mai kunya ba.

Kafin a rubuta layin farko, dole mai kanti ya san inda doka ta kafa iyaka, domin ƙa'idar kanti tana iya ba mai saye fiye da abin da doka ta ba shi, amma ba ta da hurumin ba shi ƙasa da haka. A Najeriya dokar da ke aiki ita ce dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye ta tarayya. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku da karɓarsu idan ba su kai ingancin da ya kamata ba, ba tare da an ci shi tara ba, kuma wanda ya sayar zai gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Dokar ta kuma buƙaci mai sayarwa ya ba da rubutacciyar shaidar ciniki a inda hakan zai yiwu. Hukumar ta sha bayyana cewa sanarwar nan ta ba a mayar da kuɗi ba ta da gindin zama idan kaya na da aibi. Ke nan rubutun da ake bugawa a ƙasan rasit ba ya kare kowa, illa dai ya tunzura mai saye tun kafin a fara magana. A Kano akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, wadda mutum zai iya kai mata kuka.

Ga ɗan kasuwa Musulmi, maganar ta girme wa wannan doka da fiye da shekara dubu. Malaman fiƙihu sun yi bayanin zaɓin da mai saye yake da shi idan ya gano aibin da aka ɓoye masa ko wanda ba a lura da shi ba lokacin ciniki, kuma Muwaɗɗa ta Imam Malik tana da babi sukutum a kan mutumin da ya sayi tufa mai aibi. Abin da ke cikin babin ya yi daidai da matsalar da ta fi damun masu sayar da yadi a yau, wato kayan da tela ya riga ya sa wa almakashi kafin a ga aibin. Idan mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, mai saye zai mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa, kuma ba a bin sa komai saboda yankan da aka yi. Idan kuwa mai sayarwa bai sani ba, mai saye yana da zaɓi: ya riƙe kayan a rage masa gwargwadon abin da aibin ya rage na daraja, ko ya mayar da su ya biya abin da yankan ya rage. Wanda ya canza ra'ayi kawai, shi kuma, ba shi da wannan haƙƙi, amma an kwaɗaitar da mai sayarwa ya yi masa sauƙi ya warware cinikin. Abin takaici ne a ce ɗan kasuwar da ya yi karatun zaure ya san wannan, amma yaron da ke tsaye a kantinsa daga safe zuwa magariba bai taɓa jin sa ba.

Manyan kamfanoni suna da nasu ma'auni na duniya, ISO 10002, wanda aka fara fitarwa a 2004. Kantin yara uku ba ya buƙatar takardar shaidarsa. Abu biyu ne kawai ya kamata a ɗauko daga cikinsa: kai ƙorafi ya zama kyauta kuma mai sauƙi, sannan kada a ɗauka an gama da magana sai an sanar da mai ita hukuncin da aka yanke.

Daga nan sai rubutun kansa, kuma shafi ɗaya ya isa. Sashen da ya fi kowanne wuya shi ne na iko, domin a nan ne maigida zai saki wani abu daga hannunsa. A ɗauki kantin da ke da yara biyu da babban yaro guda mai riƙe makulli. Ƙa'idar za ta iya cewa kowane yaro yana da ikon canza kaya nan take idan aibin a bayyane yake, ba a yanka ba, ba a wanke ba, kuma an ga cinikin a kwafin rasit. Babban yaro yana da ikon mayar da kuɗi ko yin ragi har zuwa wani adadi da aka ambata, a ce naira dubu hamsin. Abin da ya haura haka, ko kayan da aka yanka, ko maganar da ta shafi halin wani ma'aikaci, na maigida ne. Amma ba a nan ake tsayawa ba. Dole a rubuta cewa idan maigida ba ya nan za a kira shi a waya a gaban mai ƙorafi, idan kuma ba a same shi ba har kwana biyu, ikon ya koma hannun babban yaro. Wannan jimla ɗaya ita ce ke hana a yi ta yi wa mutum yawo da hankali duk lokacin da Alhaji ya tafi sari Legas ko ya tafi Umara.

Akwai wata jimla da dole ta biyo baya, kuma masu kanti da yawa ba sa son ta: yaron da ya yanke hukunci a cikin iyakar ikonsa ba za a cire masa ko sisi ba, ko da daga baya maigida ya ga da shi ne da ba haka zai yi ba. Ana iya zama a gyara masa fahimta. Amma ranar da aka cire wa yaro kuɗi a kan canjin da takarda ta ba shi izinin yi, ranar takardar ta mutu, sauran yaran ma sun ga darasi.

Sai lokaci. Kalmomi irin su nan ba da daɗewa ba, ko in an kwana biyu, ba su da wuri a ƙa'ida. A rubuta adadi. Abin da za a iya gani da ido a warware shi a take. Abin da ke buƙatar gwaji, kamar zubar kala, kwana biyu. Abin da ke buƙatar a koma wa dilan da aka sari kayan a wajensa, mako guda, kuma da sharaɗin cewa mai saye ba zai jira sakamakon wannan rigimar ba. Shi da kanti ya yi ciniki, ba da dila ba. Ga alfarmar canjin ra'ayi kuma, kanti yana da 'yancin cewa kwana bakwai, da rasit, kaya a ninkinsu, kuma canji ne ba mayar da kuɗi ba. Yadin da aka yanko daga bandir bisa umarnin mai saye ba ya shiga wannan alfarma, domin babu tabbacin wani zai zo neman yadi uku da rabi na wannan kalar, kuma ya kamata a faɗa wa mutum haka kafin almakashi ya taɓa ƙyalle.

Kantin Kwari yana da wata matsala ta daban da mai rubuta ƙa'ida zai tuna da ita. Masu saye da yawa ba 'yan gari ba ne. Daga Maraɗi da Damagaram suke zuwa, wasu daga Chadi da Kamaru, kuma wadda ta isa gida ta kwance ɗauri ta ga aibi ba za ta iya dawowa jibi ba. Saboda haka sai a rubuta cewa ranar da aka turo hoto ko bidiyo ta WhatsApp ita ce ranar kai ƙorafi, ba ranar da kayan suka iso kanti ba, a kuma faɗi wanda zai biya direban da za a ba saƙon a tasha. Idan aibi ne ko kuskuren kanti, kanti ne zai biya. Idan canjin ra'ayi ne, mai saye.

Abin da zai faru a bakin kanta shi ma yana buƙatar a rubuta shi, amma a taƙaice, da kalmomin da yaro zai iya riƙewa. Ya gaisa, ya ba mutum wurin zama a gefe, nesa da inda wasu ke ciniki, ya bar shi ya gama magana ba tare da katsewa ba. Sannan ya maimaita abin da ya ji: “Hajiya, idan na fahimce ki, wanki ɗaya aka yi ja ya shiga cikin fari, ko ba haka ba?” Wannan maimaitawar tana rage zafi fiye da dogon ban haƙuri, domin mutum ya tabbatar an ji shi. Ana ba da haƙuri a kan wahalar dawowa tun kafin a san mai laifi, kuma yin hakan ba amsa laifi ba ne. Kalmomin da ƙa'ida za ta hana a fili kaɗan ne: ba daga nan ba ne, ke kika ɓata shi, babu wanda ya taɓa kawo wannan maganar sai ke.

Batun rasit yana buƙatar hankali. Mutane da yawa ba sa ajiye shi, wasu ma ba a ba su ba. Idan ƙa'ida ta ce babu rasit babu magana, ta zalunci mai gaskiya. Idan ta ce a karɓi maganar kowa, ta buɗe ƙofa ga wanda ya sayi jabu a wani layi ya kawo nan. Mafita ita ce kanti ya riƙa ajiye nasa kwafin, ya kuma yarda da wasu shaidu: saƙon banki na tura kuɗi, takardar POS, hirar waya da aka yi kafin ciniki. Kanti mai lura yakan rubuta a rasit lambar zanen da ke gefen atamfa, ko ya sa ɗan tambarinsa a takardar da ke manne da turmi. Da wannan, tambayar ko a nan aka saya ta zama abin dubawa a littafi cikin minti biyu.

A littafin ƙorafi, layi ɗaya ya isa kowace magana: lamba, kwanan wata, suna da lambar waya, irin kaya da lambar zane, dilan da aka saro a wajensa, abin da aka ce ya faru, abin da mai saye yake so, wanda ya karɓa, hukunci, da ranar da aka rufe. Ana yage ɗan ƙaramin kati a ba mai ƙorafi da lambar maganarsa da ranar da zai ji amsa. Lambobin wayar mutane amana ce, don haka littafin ba abin bari a kan kanta ba ne.

Ga misali yadda abin zai gudana. A ɗauka wani magidanci ya sayi shadda yadi goma a kan naira 60,000 bayan an yi ciniki, zai ɗinka malum-malum da 'yar ciki da wando domin ɗaurin auren ɗiyarsa. Bayan kwana tara ya dawo da kayan a leda. Tela ya riga ya yanka, kuma da ya shimfiɗa gaban rigar sai ya ga wani layi fari-fari ya ratsa kusan kamu biyu, inda zare ya tsallake a saƙa. Biki saura mako biyu.

Yaron da ya tarbe shi ya ba shi kujera, ya saurara, ya nemo kwafin rasit, ya rubuta maganar a littafi. Ya ga kaya an yanka, kuma kuɗin ya haura iyakar babban yaro, saboda haka ya ce, “Baba, wannan sai Alhaji, bari in kira shi yanzu a gabanka.” Kafin nan akwai aikin da shi zai iya yi, wato bincike. Ya ɗaga ƙyallen a haske ya duba layin. Aibin saƙa yana bin hanyar zare miƙe, ana ganinsa ta gaba da baya, kuma babu gefen da ya tsage. Ɓarnar almakashi ko ƙusa kuwa takan bar zare a tsinke da gashi-gashi, ƙunar dutsen guga kuma tana barin sheƙi ko launin ƙasa-ƙasa mai siffar dutsen. Sai ya ɗauko ragowar bandir ɗin da aka yanko shaddar ya warware yadi kaɗan. Idan aka ga irin layin a can, magana ta ƙare, aibin daga kamfani ne.

A ce an gani. Alhaji ya tabbatar bai san da aibin ba, sai ya ba mutumin zaɓi. Idan yana son riƙe kayan, domin tela ya ce zai iya ɓoye layin a ƙarƙashin aiki, za a rage masa gwargwadon aibin. Yadda malamai suka tsara wannan lissafi yana da kyau a sani. Ana neman masana kaya biyu daga maƙwabtan kanti su yi wa shaddar kuɗi tana lafiya, su kuma yi mata kuɗi da aibinta. A ce sun ce 64,000 da 48,000. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na darajarta ke nan. Wannan kason ake ɗorawa a kan abin da mutumin ya biya, ba a kan abin da masana suka faɗa ba, saboda haka za a mayar masa da 15,000, wato rubu'in 60,000. Idan kuwa ya ce ba zai sa rigar da ya san tana da tabo a ranar auren 'yarsa ba, hanya mafi tsabta, wadda ta dace da dokar ƙasa kuma ta wuce abin da fiƙihu ya wajabta, ita ce a ba shi sabon yadi goma daga wani bandir, a warware a gabansa yadi-yadi, a karɓi yankakken. Kuɗin yankan da ya riga ya ba tela shi ma ya kamata ƙa'ida ta faɗi matsayinsa tun da wuri, kuma ra'ayin da ya fi adalci shi ne kanti ya ɗauka, domin ba don aibin ba da ba a yi aikin sau biyu ba.

An sallami mutumin, amma layinsa a littafi bai rufe ba tukuna. Ragowar bandir ɗin za a sauke shi daga kanta a ranar, domin daga wannan lokacin Alhaji ya san da aibin, kuma duk yadin da ya sayar daga ciki bai faɗa ba ya shiga hukuncin wanda ya ɓoye. Za a duba kwafin rasit a ga ko akwai wasu da aka yankar wa daga shi, a kira su kafin su ma su kai wa tela. Za a ɗauki hoto a tura wa dila tare da yankakken ƙyallen a matsayin shaida. Bayan kwana uku kuma wani ya kira magidancin ya ji ko sabuwar shaddar ta fita lafiya. Sai a rubuta ranar rufewa.

Da a ce binciken ya nuna ƙunar dutsen guga ce, ƙa'ida tana da amfani a nan ma, domin dole ta koya wa yara yadda ake cewa a'a. A nuna wa mutum abin da aka gani da dalilin da ya sa aka ce ba daga saƙa ba ne, a warware masa ragowar bandir ya gani da idonsa, a ba shi damar kawo wani masani da ya yarda da shi. Idan bai gamsu ba, a faɗa masa inda zai iya kai maganar gaba, ko wajen shugabannin kasuwa ko hukumar kare masu saye. Kantin da ya san ya yi gaskiya ba ya jin tsoron nuna wannan hanya.

Zubar kala ta fi wannan rikitarwa, domin wanki yana shafe shaida. Wasu atamfofin sukan saki ɗan rini a wankin farko ba tare da sun koɗe ba, wannan kuma daban yake da inda kala ɗaya ta malala cikin wata ta ɓata zane. Gwajin da kanti zai iya yi mai sauƙi ne: a yanko ɗan ƙyalle daga turmi mai lambar zane iri ɗaya, a jiƙa a ruwan sanyi da sabulun wanki na yau da kullum, a matse shi cikin farin ƙyalle. Idan farin ya rine sosai, laifin kaya ne. Idan bai rine ba, sai a tambaya cikin ladabi ko an sa ruwan zafi, ko maganin cire tabo, ko an bar shi a jiƙe ya kwana. Asarar ɗan ƙyallen gwaji ba ta kai asarar yin hukunci da ka ba.

Ƙa'ida tana lalacewa ta hanyoyin da ake iya ganewa. Idan littafi ya yi makonni babu sabon layi alhali ciniki na tafiya, ba ƙorafi ne ya ƙare ba, rubutawa aka daina. Idan kusan kowane layi ya ƙare a hannun maigida, to ko iyakar kuɗin ta yi ƙasa, ko yara ba su yarda za a kare su ba. Idan ana samun layuka da yawa marasa ranar rufewa, ana yi wa mutane alkawari ne ana mantawa. Akwai kuma ɓarna ta ɗaya gefen, wadda mai kanti ke da haƙƙin tsoro: yaro ya rubuta mayar da kuɗin ƙarya ya sa a aljihu. Maganinta shi ne duk kuɗin da za a mayar ya bi hanyar da ya shigo, wanda ya turo ta banki a mayar masa ta asusun da ya turo da shi, kuma kowane layin mayar da kuɗi ya zama akwai kayan da aka karɓa a ajiye da lambarsa a jiki. Maigida ya riƙa zaɓar lamba biyu ko uku a mako yana kira da kansa.

Takardar a rubuta ta da harshen da yaran ke karantawa, Hausar boko ko ajami, a karanta musu a zaune, a gwada da wasan kwaikwayo na minti goma inda ɗaya zai zama mai fushi. Abin da ya shafi masu saye, wato wa'adi da sharuɗɗa da lambar da za a kira, a manna shi inda kowa zai gani, a kuma buga shi a rasit a gurbin tsohon rubutun. Bayan wata uku a sake zama da littafi. Idan lambar zane ɗaya ko sunan dila ɗaya ya fito sau huɗu, an sami abin da za a je masa da shi a rubuce lokacin sari na gaba. Idan gajeren awo ne ke maimaituwa, a duba sandar awon kanta, domin bakinta yana cinyewa. Adadin kuɗin da aka ba babban yaro iko a kansa shi ma a sake duba shi a wannan zama, domin yadda farashin kaya ke hawa, dubu hamsin ɗin da ta isa turmi uku lokacin rubuta takardar tana iya kasa biyan biyu kafin shekara ta zagayo.